Me ya sa kwarin da ke jikin DNA ba ɗaya ba ne?

Idan zare biyu ne aka tufka, me ya sa kwari ɗaya ya fi ɗaya faɗi?

Dalilin yana wurin da haruffan DNA, wato sinadarai huɗu da ake kira A, T, G da C, ke kama sukarin da ke ƙashin bayan kowane zare. A na haɗuwa da T, G kuma da C, amma mahaɗan biyu da ke liƙa kowane ma'aurata da sukari ba sa fuskantar juna kai tsaye, sun karkata gefe guda. Saboda haka idan zaren suka murɗe, sai su kusanci juna ta wannan gefe su bar ƙaramin kwari mai faɗin kusan nanomita 1.2, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita, ta ɗaya gefen kuma su bar babba mai kusan nanomita 2.2.

Wannan bambanci, a ganina, shi ne abin da ya fi cancanta ɗalibi ya riƙe, domin ta babban kwarin ne yawancin furotin ke karanta DNA ba tare da sun warware tufkar ba. A ɗauki A-T a matsayin misali. Ta babban kwari, furotin zai tarar da alamu huɗu a jere: mai karɓar haɗin haidirojin, wato ɗan raunin haɗin da furotin ke kama DNA da shi, sai mai bayarwa, wani mai karɓa, sannan ƙullin metil, wato ɗan ƙullin kabon da haidirojin da ke jikin T. Idan aka juya ya zama T-A, jerin ma juyawa yake yi, don haka furotin na gane wanne ne. Ta ƙaramin kwari kuwa, A-T da T-A kusan kamanninsu ɗaya.

Tufkar DNA na iya ɗaukar siffofi uku da ake kira A, B da Z. To me ya kawo su?

Ruwa ne farkon dalili. Rosalind Franklin da Raymond Gosling sun lura a King's College da ke Landan cewa hoton X-ray na DNA na sauyawa gwargwadon danshi. Mai danshi sosai shi ne B, wanda Watson da Crick suka bayyana a 1953, yana murɗawa dama da ma'aurata kusan 10.5 a kowane zagaye. Idan danshin ya sauka zuwa wajen kashi 75 cikin ɗari, zoben sukarin kan sauya lanƙwasarsa, fosfet da ke haɗa sukari da sukari a ƙashin bayan zaren su matso kusa da juna, sai tufkar ta gajarce ta yi kauri ta koma A, mai ma'aurata 11. A nan babban kwarin yakan yi zurfi ya ƙuntata, har furotin ya sha wahalar shiga. RNA, ɗan'uwan DNA, idan mai zare biyu ne a siffar A yake zama ko da cikin ruwa, saboda ƙarin ƙullin oksijin da haidirojin, wato OH, da ke jikin sukarinsa yana hana shi lanƙwasar B.

Z kuwa hagu take murɗawa, da ma'aurata 12 a zagaye. Andrew Wang da Alexander Rich ne suka fito da siffarta a 1979, kuma ta fi samuwa inda C da G ke bin juna bi da bi, musamman cikin gishiri mai yawa ko inda tufkar ta sassauta a bayan furotin da ke kwafar DNA zuwa RNA.