Tsohon batir: ribar mai fasawa, cutar 'ya'yan maƙwabta

Batir ya yi yawa a Maradi. Akwai na motoci da na kabu-kabu, ga kuma na sola da ke cika gidaje da shaguna saboda yawan ɗauke wuta. Kowane ɗaya daga cikinsu yana da ranar mutuwarsa, sau da yawa bayan shekara 2 ko 3, don zafin garinmu ba ya barin batir ya yi tsawon rai. In ya mutu kuma ba ya rasa mai saye, saboda fiye da rabin nauyinsa darma ce, darma kuwa kuɗi ce. Batirin ƙaramar mota yana ɗauke da darma wajen kilo 8.

Cinikin kansa ba shi da aibu. Mai batir ya karɓi kuɗinsa, mai saye ya samu abin kai wa gida, kowa ya tafi yana murna. Sai dai akwai mutum na uku wanda ba a yi cinikin da shi ba, ba a nemi yardarsa ba, kuma shi ne zai biya kaso mafi tsada. Wannan mutumin yawanci yaro ne ɗan shekara ɗaya zuwa biyar da ke rarrafe a bayan katangar da ake fasa batirin. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Mu ma'aikatan kiwon lafiya da irin waɗannan yara muke haɗuwa, shi ya sa nake son mu bi aikin daki-daki, mu ga inda gubar darmar take fita.

Mai fasawa yakan fara da tuntsurar da batirin ya zubar da ruwansa a ƙasa. Ruwan nan asid ne, kuma akwai darma a cikinsa. Daga nan ya sa adda ko gatari ya tsaga robar, ya zaro faifayen ciki. Kowane faifai raga ce ta darma da aka shafe da wani abu mai kama da busasshen laka, wani ruwan ƙasa-ƙasa, wani ruwan toka. Sai ya bubbuga faifan lakar ta zube, ya jefa ragar a kasko ko a rabin tano bisa garwashi. Darma tana narkewa a zafin digiri 327, abin da wutar gawayi ke kaiwa ba wuya. Ya kwashe dattin da ya taso sama ya watsar, ya zuba ruwan darmar a rami ko a gwangwani ta daskare.

Wurin da mutane ba su lura da shi ba shi ne lakar nan da aka kakkaɓe. Ita ma darma ce, kusan rabin darmar batirin tana cikinta, amma kaskon gawayi ba ya iya maida ita ƙarfe. Sai tanderun masana'anta mai tsananin zafi ke iya wannan. Saboda haka takan tsaya a ƙasa, ta bushe, ta zama gari mai laushi. Hayaƙin kaskon ma ƙura ce ta darma, ba ta nisa take sauka a tsakar gidaje, a bakin randa, a kan hatsin da aka shanya. Darma kuma ba ta ruɓewa. Rana ba ta kashe ta, shekaru ba sa cinye ta. Iskar hunturu ta ɗauke ta ta shiga ɗakuna, ruwan damina ya wanke ta ya gangara da ita, mu kuwa mun san inda ruwan garin nan yake gangarawa: wajen gulbi, inda fadamu da garake suke.

Bari mu yi lissafi da misali. Mu ɗauka wani yana fasa batir 10 a mako, kuma fasawar tana ƙara masa jikka 2 a kan kowane ɗaya, bisa abin da zai samu da ya sayar da shi a rufe. Ribar fasawa ke nan jikka 20 a mako. Batir 10 darmar kilo 80 ke nan. Mu yi masa sassauci mu ce kashi ɗaya cikin goma kaɗai ke zubewa, ko da yake aikin kasko ya fi haka ɓarna nesa ba kusa ba. Kilo 8 ke nan a mako, sama da kilo 400 a shekara, a fili ɗaya cikin unguwa.

Yanzu a duba ɗaya gefen. Ana auna darmar jini da mikrogram, wato giram ɗaya a raba shi gida miliyan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin darma da za a ce ba ya cutarwa, kuma in an samu mikrogram 5 a kowane desilita na jinin mutum, wato kashi ɗaya cikin goma na lita, to a nemo inda take fitowa a toshe. Yaro ɗan shekara biyu jininsa duka bai cika lita ɗaya ba. Ke nan abin da bai kai mikrogram 50 ba a duk jininsa ya isa a damu. Ido ba ya ganin wannan adadin. Ga shi yaro komai baki yake kaiwa, kuma hanjinsa yana tsotse darmar da ya haɗiya ninki 4 zuwa 5 na babba. In yana da ƙarancin jini ko tamowa, abin ya fi muni, don jikin da ke ƙishin sinadarin ƙarfe da na ƙashi yakan karɓi darma a madadinsu.

To wa ya biya? Uwa ta bar sana'arta ta yi ta zarya gidan likita. Uba ya sayi magani, ya sake saye. In ma an duba yaron kyauta saboda bai kai shekara 5 ba, ai kuɗin daga baitulmali ya fito, wato aljihun kowa. Sannan ga hasarar da ba ta da rasit: darma tana taɓa ƙwaƙwalwar da ke girma, kuma abin da ta rage ba ya dawowa. Yaron zai shiga lakwal yana fama da riƙe karatu, a ce masa daƙiƙi, a yi ta dukansa. Babu ko dala ɗaya daga cikin wannan da ta shiga lissafin jikka 20 ɗin can. Da mai fasawa ne zai biya, da tuni ya ga sana'ar faɗuwa ce. Tun da ba shi ke biya ba, a idonsa riba ce, kuma sai wasu su gani su ma su kafa nasu kaskon. Ban ɗauke shi mugu ba. Galibi bai sani ba, kuma 'ya'yansa ne farkon kamuwa, don da ƙurar yake komawa gida a riga da gashi da takalmi.

Wanda ke ganin ana zuzutawa ne, ya tuna Zamfara, nan kusa da mu. A 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura yara na mutuwa da yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Dutsen zinariya ake daka ana niƙawa cikin gidaje, dutsen kuwa cike yake da darma. Yara sama da 400 suka rasu. Na batir kuma ya faru a Thiaroye-sur-Mer, gefen Dakar, inda yara 18 suka mutu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008. A can an daɗe ana fasa batir a unguwar, daga baya mata suka shiga kwasar ƙasar wurin suna tankaɗewa a gida don tsintar darma, goye da 'ya'yansu.

Wahalar gane ciwon ita ce yana shigar burtu. Yaro ya ƙi abinci, ya yi ta ƙorafin ciki, bayan gida ya yi masa wuya, idonsa da tafin hannunsa su yi fari, ya cika rigima ko ya yi lakwas. Wani da ya fara tafiya ko magana sai ya koma baya. In gubar ta yi yawa sai amai, jijjiga da suma, a zaci zazzaɓin cizon sauro ne ya hau kai, ko sanƙarau, ko a ce iska ce. Abin da ya kamata ya sa a yi zargi: an gwada zazzaɓi ba a samu ba, ko an ba da magani ba sauƙi, yara da yawa a layi ɗaya suna irin wannan ciwo, kaji, agwagi ko awaki suna mutuwa a wurin ba dalili. A Zamfara mutuwar agwagi ta riga ta yara. Kuma mafi yawan yaran da ke ɗauke da darma ba sa nuna alamar komai, gwajin jini kaɗai ke tabbatarwa. Don haka, uwa, in kin kawo yaro, ki faɗa da bakinki cewa ana fasa batir kusa da ku, ko maigida aikinsa ke nan. Wannan kalma ɗaya tana canza inda likita zai duba.

Akwai magani mai jawo darma daga jini, ana ba da shi in ta kai wajen mikrogram 45 a kowane desilita, a ƙarƙashin kulawar likita. Amma in yaron ya koma tsakar gidan nan mai ƙura, an yi aikin banza. Shi ya sa a Zamfara sai da aka kankare saman ƙasar gidaje aka kwashe, aka zuba sabuwa, kafin a ba yaran ƙauyen magani. Wannan aiki ne mai tsada, kuma ba masu zinariyar suka biya ba.

Madarar da masu aikin ke sha wai tana kashe guba ba ta kashe komai, ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ma ba ya tare ƙura mai laushi haka. Kwashe kaskon a kai daji shi ma canza wanda zai biya ne kawai, a ɗora wa makiyayi da dabbobinsa. Abin da ke aiki shi ne kada a fasa. Mai batir ya sayar da shi a rufe, a tsaye, da ruwansa a ciki, ga wanda zai tura shi haka zuwa masana'antar da ke da tanderu da matatar hayaƙi. In mai saye ya ce sai ka zubar da ruwan don ba zai biya nauyinsa ba, gara ka yarda ya rage kuɗin. Maƙwabta kuma, kafin a samu mafita, a yayyafa ruwa kafin shara, a shimfiɗa wa yaro tabarma, a wanke masa hannu da sabulu kafin ci, a rufe randa, a wanke ganye sosai. Mai ciki ta nisanci wurin, don darma tana ratsa mahaifa ta kai ga ɗan tayi.

Magana da mai kaskon ta fi kyau ta bi ta hannun mai unguwa da liman, a je da lissafin a nuna masa, ba da faɗa ba. In ya ƙi, akwai ma'aikatan tsabta na ma'aikatar magajin gari da ma'aikatar kare muhalli, kuma doka mai lamba 98-56 ta 29 ga Disamba 1998 ta ɗora nauyin gyara a kan wanda ya gurɓata. Tashinsa kaɗai bai wadatar ba, a nemi a kwashe ƙasar ma. Filin da aka daina aiki a cikinsa shekara goma yana nan da gubarsa. Wanda zai sayi fili ko ya kama haya ya tambayi tsofaffin unguwa abin da aka taɓa yi a wurin, ya kuma tona ƙasa kaɗan: gutsattsarin baƙar roba, ɓaraguzan raga masu nauyi, da tabon ƙasa mai ruwan toka inda ciyawa ba ta fitowa ko da damina, duk alamu ne na a dakata da tarewa har a gwada ƙasar.