Me ake nufi da "ruwa mai lamba"? Yadda ake karanta lambar NAFDAC da liƙin leda

A shagunan Gusau, idan sabon mai kawo ruwan leda ya tsaya da motarsa, tambayar farko da mai shago ke yi ita ce, "Yana da lamba?" Lambar da ake nufi ita ce ta rajistar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna da aka kafa a 1993. Da yawa suna ɗauka cewa da zarar an ga lambar a jikin leda magana ta ƙare. Ba haka ba ne, domin lambar shaida ce a kan masana'anta, ba a kan ledar da ke hannunka ba. Abin da ke ba da shaida a kan ledar shi ne kwanan wata da liƙi.

Ma'anar lambar ita ce jami'an hukumar sun je wani wuri takamaimai, sun duba rijiyar burtsatse da matatu da ɗakin da ake ɗura ruwan, sun ɗauki samfuri sun auna, sannan suka amince a sayar da wannan kaya da wannan suna daga wannan adireshi. Saboda haka lambar ɗaure take da abu uku: sunan kaya, mai shi, da wurin da ake yin sa. Wanda aka bai wa lambar ruwa ba shi da ikon ɗora ta a kan lemo, kuma wanda ya buɗe wata masana'anta a Ƙauran Namoda ba zai ɗauko amincewar da aka yi wa ta Gusau ya ce ta wadatar ba.

Ana rubuta ta bayan `NAFDAC REG. NO.`, kuma siffarta a jikin ruwa kamar haka take: `01-0000L` ko `A1-0000L`. Gaɓar farko tana nuna rukunin kaya. Ta abinci da ruwa kan fara da `01` ko `A1` da makamantansu, ta magani kuma da `04` ko `A4`. Ke nan idan ka ga `04` a jikin ruwan leda, daga kwalin magani aka kwafo ta. Harafin `L` na ƙarshe alama ce ta rajistar wucin gadi, mai ƙarewa bayan shekara biyu, yayin da cikakkiyar rajista ke kai shekara biyar. Wannan ne ya sa lamba kan iya zama ta gaskiya amma wa'adinta ya wuce, kuma ledar ba za ta faɗa maka ba.

Dalili kuwa shi ne yadda ake buga ta. Masana'anta ba ta buga lamba a kan kowace leda lokacin ɗuri. Tun a wurin masu buga leda ake buga suna da adireshi da lamba a jikin babban naɗi, sai a kawo a ɗora wa injin. Duk wanda ya samu ragowar naɗin wani kamfani, ko ya sa aka buga masa irinsa, yana da "lamba". Kwanan wata da lambar rukunin ɗuri ne kawai ake bugawa a lokacin da injin ke aiki, shi ya sa tawadarsu ta bambanta da sauran rubutun, kuma sau da yawa takan ɗan karkace. Wannan bambancin alama ce mai kyau.

Mu ɗauki misali. Mai shago a Tudun Wada an sauke masa ƙunshi hamsin, kowane da leda ashirin, a tsakiyar zafin Afrilu lokacin da kasuwar ruwa ke ci kuma sababbin sunaye ke ɓullowa. Kada ya duba ƙunshin sama kawai, domin shi ake gyarawa. Ya zaro uku, daga sama da tsakiya da ƙasa, ya ciro leda biyu a kowane. Lambar dole ta zama iri ɗaya a duka shidan. Sai adireshi: ana son unguwa da titi da gari, wurin da mutum zai iya hawa mashin ya je. "Gusau, Zamfara" kaɗai, ko lambar waya ba adireshi, bai isa ba. Sai ya nemi `MFD`, ranar da aka yi shi, da `BB`, ranar da ya kamata a sha kafin ta, da `BN`, lambar rukunin ɗuri. Wa'adin ruwan leda wata biyu ne. Idan an yi shi 5 ga Afrilu, zuwa farkon Yuni ya ƙare. Wanda ya rubuta shekara guda, ko ya bar gurbin fayau, ya saɓa ƙa'ida ko da lambarsa ta gaskiya ce. Gurbin da babu komai shi aka fi gani, kuma illarsa ita ce idan ruwan ya ɓata wa mutane ciki babu hanyar gane ɗurin wace rana ne balle a janye shi.

Daga nan sai liƙi. Ruwan leda ba shi da murfi, liƙin nan shi ne hatiminsa. Injin kan naɗe leda ya liƙe ta a tsaye, sannan ya datse sama da ƙasa da ƙarfe mai zafi, don haka layukan kan fito a miƙe, faɗinsu ɗaya a kowace leda. Liƙin ƙaramin injin hannu kuwa kan karkace, wani wuri ya ƙone ya yi ƙwanƙwasa, wani wuri bai kama ba. A goge ledar ta bushe, a matsa ta a tafin hannu na ɗan lokaci, a duba kusurwoyi huɗu. Ɗigo ko da ɗaya ne ya isa a ajiye ta, domin inda ruwa ya fita nan ƙazanta ke shiga, musamman a cikin kula inda ledoji ke iyo a narkakkiyar ƙanƙara da hannuwa da dama suka taɓa. Idan cikin ƙunshi ya tara ruwa, akwai masu yoyo. A ɗaga ledar ga haske kuma: tsaki-tsaki ko kore-kore na nuna matatar ruwan ta gaji ko ruwan ya daɗe a rana. Tawadar da ke bin yatsa ma abin ƙi ce, tunda da haƙori ake fasa leda.

Lemon roba ya fi sauƙin dubawa. A ƙasan murfi akwai zobe da ƙananan haƙora suka haɗa shi da murfin, kuma buɗewar farko ce ke karya su da ɗan ƙara. Zoben da ke juyawa shi kaɗai, ko alamar gam ko ƙuna a wurin haɗin, na nufin an taɓa buɗewa. A jera roba uku a ga ko lemon ya tsaya a tsayi ɗaya, domin injin ba ya ɗura wata ta fi wata sosai. Kwali ko ledar lemo da ta kumbura kuwa iska ce daga ƙwayoyin da ke cin sukarin ciki, kuma sanyaya ta ba zai gyara ta ba. Wannan bai shafi mai zoɓo ko kunun aya da ke ɗurawa a tsohuwar roba ba, ita ba ta ce na kamfani ne ba. Abin tsoro shi ne wanda ke sayar da ɗurin gida da sunan kamfani.

Idan duk waɗannan sun yi daidai, saura tabbatar da lambar kanta, wanda ido ba ya iya yi. Mai saye da yawa, kamar mai shago ko makaranta ko mai hidimar biki, ya nemi kwafin takardar rajista daga mai kawowa, ya gwada suna da adireshi da lamba da na jikin leda, ya duba ranar ƙarewarta. Idan mai kawowa ya fara kame-kame, a ɗauki leda biyu da ba a fasa ba a kai ofishin NAFDAC na jiha da ke Gusau, tare da ranar da aka sauke kayan da lambar motar da ta kawo.