Waiwaye: Inda Shawarwari Uku Na Takardar Amosanin Ido Suka Samo Asali

Takardar wayar da kai a kan amosanin ido, wanda likitoci ke kira tarakoma, ba ta cika wuce shafi guda ba. Hoton yaro ana wanke masa fuska, hoton masai da murfinsa, sai hoton ido da gashinsa ya lanƙwasa ciki. Mai karatu zai iya ɗauka shawarwarin tsabta ne irin na yau da kullum. Amma kowace ɗaya daga cikinsu sai da aka sha wuya kafin a gano ta.

Cutar tsohuwa ce ƙwarai. Wani kundin magunguna na tsohuwar Masar, wanda aka rubuta wajen shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ambaci ciwon da kuma cire gashin idon da ya juya ciki. Sojojin Turai da suka yi yaƙi a Masar daga 1798 sun koma gida da ciwon ido mai tsanani, ya bazu a barikoki da unguwannin talakawa. Daga baya, a tsibirin Ellis da ke mashigar New York, jami'an lafiya kan juya fatar idon baƙin haure su duba, wanda aka same shi da cutar a mayar da shi inda ya fito.

Abin lura shi ne yadda cutar ta bar Turai. Ta ragu ƙwarai tun kafin a sami maganin kashe ƙwayarta, lokacin da ruwa ya wadata a gidaje, aka gina masai, cunkoson ɗakunan kwana ya ragu. Ita kanta ƙwayar, nau'in kilamidiya, sai a tsakiyar shekarun 1950 Tang Feifan da abokan aikinsa a Beijing suka iya raba ta suka rene ta a cikin ƙwan kaza. A wannan zamanin ne aka dogara ga man shafawa na tetarasaikilin, sau biyu a rana har mako shida. Maganin yana aiki, amma da wuya iyali su cika mako shida suna shafa wa yaro mai kuka abin da ke sa shi gani dishi-dishi. Wanda ya cika ma, bayan 'yan watanni sai ya sake kamuwa daga ƙaninsa.

Wannan sake kamuwar ita ce cibiyar maganar. Kamuwa sau ɗaya ba ta makantarwa, jiki kan kawar da ita. Amma yaron da ke kamuwa a kai a kai tun yana rarrafe, kowane kumburi yana barin ɗan tabo a cikin fatar idonsa ta sama. Tabon yana taruwa, yana tsukewa, har bayan shekara ashirin ko talatin ya janyo bakin fatar ciki. Daga nan gashin ido ya fara gogar baƙin ido a duk ƙiftawa, ya ji masa rauni, raunin ya warke da hakiya, gani ya tafi. Mata sun fi shan wannan wuya, har kusan ninki huɗu na maza a wasu wurare, domin su ne ke tare da ƙananan yara dare da rana.

A 1987 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sauƙaƙan alamomi biyar da ma'aikacin lafiya zai gane da tocila da gilashin ƙara girma. A 1993 ta amince da tsari mai ƙafa huɗu: tiyata, magani, tsabtar fuska, gyaran muhalli. A 1998 babban taronta ya zartar da ƙudurin kawar da cutar, aka sa 2020 a matsayin wa'adi, daga baya aka ɗaga zuwa 2030. Oman ce ta fara samun shaidar kawar da ita a 2012, Maroko ta biyo a 2016, Gana a 2018, Gambiya a 2021.

Wanke fuska ya shiga takardar ne saboda ƙwayar tana zaune a cikin kwantsa da majinar yara, musamman 'yan shekara ɗaya zuwa tara. Daga nan take tafiya ta yatsu, ta tsumman da aka share wa yara biyu fuska da shi, ta matashin da suke kwana a kai. Wani bincike a gundumar Kongwa ta Tanzaniya, wanda aka buga a 1995, ya nuna yaran da fuskarsu ta dawwama da tsabta ba su cika yin ciwon mai tsanani ba. Don haka ma'aunin ba yawan wankewa ba ne, sakamakon ake dubawa: babu kwantsa a ido, babu majina a hanci. Ruwan da ake buƙata kaɗan ne idan zubawa ake yi daga mazubi, ba tsoma hannu a kwano ɗaya ba. Kuskuren da aka fi yi yana zuwa a ƙarshe, a wanke fuskar tas, sannan a goge wa kowa da tawul guda. Gara a bar ta ta bushe da kanta.

Batun muhalli kuwa ƙuda ne ya kawo shi. Akwai wani ƙaramin ƙuda mai son sauka a ido, wanda ya fi yin ƙwai a kashin mutum da aka bari a fili, amma ba ya hayayyafa a cikin ramin masai. Binciken da aka yi a ƙauyukan Gambiya ya nuna samar da masai yana rage saukar ƙudan a idon yara. Kashin jarirai, wanda ake yawan rainawa, shi ma ramin ya kamata ya shiga.

Magani ma ya sauya. Azitromaisin sau ɗaya ake sha, miligiram 20 ga kowane kilo na nauyin jiki, ba a wuce giram ɗaya ba. Yaro mai kilo 15 zai sha miligiram 300. Jariran da ba su kai wata shida ba, man tetarasaikilin ake shafa musu. Inda kashi 10 zuwa 29 cikin ɗari na ƙananan yara ke da alamar cutar, ana raba wa kowa da kowa sau ɗaya a shekara har shekara uku, sannan a sake auna.

Sashe na uku na takardar ne ya fi gaggawa, kuma shi aka fi tsallakewa. A ɗauki mace mai shekara arba'in da ke jin kamar yashi a idonta, hawaye na zuba, haske na damunta. In aka haska tocila daga gefe, sai a ga gashi biyu na fatar sama suna taɓa ƙwayar idon. Ko gashi ɗaya ne, ko kuma an ga gurbin inda take tsigewa, alamar ta cika. Wanke fuska ba zai mayar da fatar ba, azitromaisin ma ba zai yi ba, domin tabo ne ba ƙwayar cuta ba. Tsigewa da matsefata tana kawo sauƙi na 'yan makonni, amma in gashin ya karye maimakon ya fita da saiwarsa, guntun da ya rage ya fi kaifi, ya fi yin ɓarna.

Abin da ke gyara shi ƙaramar tiyata ce. Ana yin allurar kashe zafi a fatar idon, a tsaga ta a kwance daura da bakinta, a juya bakin waje, a ɗinke. Ma'aikacin jinya da ya sami horo yana yin ta cikin kamar minti ashirin, mai ciwon ta koma gida a ranar. Washegari a cire bandeji, bayan mako ɗaya zuwa biyu a cire zare, sannan a sake dubawa tsakanin wata uku zuwa shida, domin a wasu mutanen gashin yakan sake juyawa. Tiyatar tana tsayar da gogar da zafin, amma ba ta share hakiyar da ta riga ta zauna a baƙin ido. Shi ya sa takardar ta ce a je da an ga gashi na farko, ba sai gani ya fara raguwa ba.