Ciwon kafaɗa a fushof ba alamar ƙarfi ba ne

Samari a filin motsa jiki nan Garwa sukan ce in kafaɗa na ciwo a fushof wai ƙarfi ne ke shiga. A'a wallahi. Gajiyar tsoka daban, zafi mai tsini a gaban kafaɗa daban. Yawanci hannu ne ka baza da yawa, gwiwar hannu ta buɗe ta yi daidai da kafaɗa, sai jijiya ta matsu in ka sauka. Sa tafin hannu ƙarƙashin kafaɗa ko waje kaɗan, gwiwar hannu ta koma baya kamar digiri 45 daga jiki. Allon kafaɗa kuma kar ka ɗaga shi wajen kunne, bar shi ya matso tsakiyar baya in ka sauka, in ka taso ka tura ƙasa har ya buɗe. In har yanzu da zafi, koma yin fushof a jikin bango tukuna, in ya kai sati biyu kuma je asibiti.