Tiyon famfo mai saƙar ƙarfe

Tiyon famfo mai saƙar ƙarfe gajeren tiyo ne da ke haɗa bututun ruwa da kan famfo, galibi a ƙarƙashin kwanon wanke hannu ko na kicin. Cikinsa roba ce, an lulluɓe ta da saƙar siririyar waya marar tsatsa. Robar ke riƙe ruwa, saƙar kuma ke hana ta kumbura.

Baki da zare

Zare shi ne haƙoran da noti ke bi idan ana ɗaure shi. Wanda ya fi yawa a notin tiyon shi ne BSP, ma'aunin zaren bututu na Birtaniya, wanda ya samo asali daga tsarin da injiniyan Birtaniya Joseph Whitworth ya gabatar a 1841. Kusurwar haƙoransa digiri 55 ce, na Amurka kuwa 60, shi ya sa notin tsari ɗaya kan hau zaren ɗayan zagaye biyu ko uku sannan ya cije. Sunan awon ma yana ruɗarwa: rabin inci faɗin ramin tsofaffin bututu yake nufi, amma zaren kansa ya kusa milimita 21 idan aka auna ta waje. Famfo mai haɗa ruwan zafi da na sanyi a jiki ɗaya yakan karɓi siririn baki, M10 ko M12, wato mai zaren milimita 10 ko 12, kuma ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya.

Tsawo

An fi samun santimita 30 da 50. Idan tazarar da ke tsakanin bututun da famfon ta kai 25 kuma bakunan suna fuskantar juna, na 30 ya isa. Idan ta kai 30 cif, gara na 50 a bar shi ya yi lanƙwasa mai faɗi, domin tiyon da aka ja ya miƙe tsaf yana wahalar da wurin da aka matse robar da noti. Gidan da ke shan ruwa daga tankin sama ya fi dacewa da tiyo mai faɗin rami.

Ɗaurawa

Wasar roba, wato ɗan zoben da ke cikin noti, ita ke tare ruwa, ba zaren ba, don haka ba a naɗa farin tef. Ana ɗaurewa da hannu har ya tsaya, a ƙara kamar rubu'in zagaye da sifana. Wuce haka yana tsinka wasar ko ya tsaga notin, kuma yoyon na iya ɓoyewa sai bayan kwanaki. Ana fara ɗaura bakin da ba ya juyawa. Jan layi ko shuɗi da ke cikin saƙar wasu tiyo yana tona murɗewa: in ya nannaɗe, a kwance a sake. Karyewa ta fi faruwa dab da noti, alamarta raguwar ruwa da buɗewar saƙa.

Daɗewa

Masu ƙerawa sun sha bamban kan daɗewar tiyon, ana dai yawan ambaton shekara 5 zuwa 10. Tururin bilic da aka ajiye ƙarƙashin kwano yana cin wayar.