Daƙiƙa 30 a gaban kwamitin ɗaukar aiki

Yaya, ranar Litinin ina da intabiyu a wani kamfani a Kakuri. In suka ce in gabatar da kaina, me zan faɗa cikin daƙiƙa 30?

Ƙanwata, fara da lissafi. Mai magana a natse ba ya wuce kalma 60 zuwa 70 a ɗan wannan lokaci, wato jimla biyar ko shida. Don haka babu gurbin garin haihuwa, ko firamare, ko ke ce ta nawa a gidanku. Takardunki ma suna gabansu.

Bayan gaisuwa da suna, faɗi aikin da kika iya, ki kawo hujja ɗaya tak, sannan ki ɗaure ta da aikin da suke tallatawa. Mai neman aikin akanta za ta iya cewa:

"Barkanku da safiya. Sunana wance. Na karanta aikin akanta a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. Shekara biyu ke nan ina riƙe da littafin kuɗin wani shagon sari a Kasuwar Barci. Da na zo, rufe lissafin wata yana cin mako guda, yanzu kwana biyu ne. Irin wannan aikin nake so in yi muku, a wurin da ya fi girma."

Duba wancan "mako guda" da "kwana biyu". Kowa zai ce shi mai ƙwazo ne, amma wannan abu ne da za a iya bincika, kuma galibi daga nan tambaya ta gaba za ta fito. Kin ja su zuwa inda kika fi ƙarfi ke nan. Sai dai fa ya zama gaskiya.

Na haddace nawa, amma yana fita kamar tilawa.

Saboda da alƙalami kika fara. Juya abin: kunna rikodin waya, ki faɗe shi kamar kina gaya wa kawunki, sannan ki rubuta abin da kika ji. Duk jimlar da numfashi ɗaya bai ɗauke ta ba, raba ta biyu. Ki riƙe jerin gaɓoɓin a ka, ki bar kalmomin su riƙa canzawa.

Gwajin mai sauƙi ne. Sa wani a gida ya katse ki a tsakiya. In sai kin koma kan "Barkanku da safiya" kafin ki iya ci gaba, har yanzu hadda ce.

In da Turanci za a yi fa?

To da shi za ki yi atisayen tun daga farko, kada ki tsaya fassara a gabansu. Kalmar da harshenki ya yi tuntuɓe a kanta sau biyu, nemi mai sauƙi ki sa a madadinta.