Koyarwa Mai Dogaro da Malami da Mai Dogaro da Ɗalibi

Masana ilimi sun kasa dabarun koyarwa gida biyu. A koyarwa mai dogaro da malami, shi ne ke bayani, ya yi misali a allo, yara su saurara, su maimaita, su kwafa. A mai dogaro da ɗalibi kuwa, malami aiki yake shiryawa, yara su kama da hannunsu, su faɗi yadda suka yi, shi kuma yana zagayawa yana gyara. Akan danganta ta biyun da Ba'amurke John Dewey, wanda ya buɗe makarantar gwaji a Chicago a 1896, da kuma Paulo Freire na Brazil, wanda a 1968 ya kwatanta tsohon salon da ajiya a banki, inda malami ke zuba ilimi a kan yaro kamar mai zuba kuɗi a asusu. A Kano da Jigawa, malaman firamare da dama sun haɗu da wannan salo ne a bitocin ESSPIN, wani shirin tallafa wa ilimi a Najeriya.

Ba tsarin zama ne ke raba su ba. Abin da ke raba su shi ne wanda ke yin tunanin a lokacin darasi, da kuma lokacin da malami ke gano kuskure. Darasin lissafi guda zai nuna haka: ɗebewa da aro a aji uku na wata firamaren ƙauye, yara 80, minti 35, tambayar kuma 43 − 17. Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga yara 35 a firamare, amma irin wannan cikowar ba baƙuwa ba ce a karkara.

Darasin a hannun malami

Malami ya rubuta 43 a sama, 17 a ƙasa. Ya ce 7 ba za ta fita daga 3 ba, sai a ari ɗaya daga 4, 3 ta zama 13, a cire 7 saura 6. Ita kuma 4 ta koma 3, a cire 1 saura 2. Amsa 26. Ya ƙara misali biyu, yara suna amshi, ya ce “Kun gane?”, aji ya ɗauka “Mun gane, malam!” Sai ya ba da aikin aji guda biyar.

Wannan hanya tana da ƙarfinta. Alli da allo kawai take buƙata, cikin minti goma an isar da ƙa'idar daidai ga kowa, kuma aji ba ya hargitsewa. Ga abin da yaro ba zai taɓa gano shi da kansa ba, kamar sunayen lambobi, ko cewa daga dama ake fara lissafin, babu abin da ya fi a faɗa masa kai tsaye.

Rauninta yana cikin amshin. Yara goma na gaba ne ke jan murya, sauran suna bi. Sai an karɓi littattafai ake ganin 34 da 36 sun yi yawa, kuma cuta biyu ce daban. Mai 34 bai yi aro ba sam: ya ga 3 da 7, ya cire ƙaramar daga babbar ya sami 4. Mai 36 ya yi aron, amma ya bar 4 yadda take, kamar wanda ya ci bashi bai rubuta ba. Dukansu ba su san cewa “ɗayan” da aka ara goma ce ba. Malamin da ya ja jan biro ya wuce ya yi musu magani ɗaya, wato ya sake bayanin jiya da ƙarfi. (Tambaya irin 52 − 27 ba ta da amfani wajen bincike, domin kurakuran biyu duk 35 suke bayarwa.)

Darasin a hannun ɗalibai

Nan shirin tun daga gida yake farawa. Ana buƙatar tsinke ko gutsattsarin karan dawa, a ɗaure goma-goma da roba ko zare. Idan an kasa yara 80 rukuni goma na mutum takwas, kowane rukuni zai so ƙulli huɗu da tsinke uku a sake, jimilla tsinke 430. A raba su a leda tun kafin a shiga aji, in ba haka ba rabon kaɗai zai cinye kwatan darasin.

Malami ya ce: “Ga tsinke 43 a gabanku, ku ba ni 17.” Ba ya ambaton aro. Yara su miƙa ƙulli ɗaya, sai su tsaya cik, domin bakwai ake nema, uku ke sake. Wannan tsayawar ita ce darasin, kuma a nan malamai da yawa ke kasa haƙuri su faɗi amsa. Ba a daɗewa wani zai kwance ƙulli. Sakakku sun zama 13, an ba da bakwai, ga ƙulli biyu da tsinke shida a tabarma. Sai malami ya tambayi wata yarinyar da ba ta yi magana ba: “Ke, ƙulli nawa kuke da su da farko? Ina ɗayan ya tafi?” Wanda ya kwance ƙulli da hannunsa da wuya ya rubuta 36, don ya ga huɗun ta ragu.

Matakin da aka fi tsallakewa shi ne na ƙarshe. Dole a koma allo a rubuta lissafin gefe da gefe da tsinken, a soke 4 a daidai lokacin da aka kwance ƙulli, sannan kowane yaro ya yi tambaya biyu ko uku shi kaɗai. In ba a yi haka ba, an yi wasan tsinke ne, jarrabawa kuma da biro ake yi.

Inda take lalacewa

Mafi yawan abin da ake gani a aji da sunan wannan hanya fatarta ce kawai. An juya benci, yara suna fuskantar juna, an naɗa wa rukuni suna, amma malam na nan yana ta bayani minti talatin. Ko kuma yaro ɗaya mai ƙoƙari ya tattara tsinken gabansa, bakwai suna kallo, ya zama ƙaramin malami. Gane wannan ba wuya: a tambayi wanda ba shi ne shugaban rukuni ba. Maganinsa a raba aiki, wannan ya ƙirga, wancan ya kwance, wata ta rubuta, a riƙa juyawa a kowace tambaya.

Akwai kuma matsalar tushe. Yaron da bai iya ƙirga zuwa 50 ba babu abin da zai gano game da aro. Shi ya sa tsarin TaRL, wanda ƙungiyar Pratham ta Indiya ta ɓullo da shi, yake fara gwada yara ɗaya bayan ɗaya, ya kasa su bisa abin da suka iya maimakon ajinsu. An gwada shi a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa ƙarƙashin KaLMA, shirin haɓaka karatu da lissafi a jihar Kano. Wanda ya yi makarantar allo ba zai ga baƙon abu a nan ba, tunda can ma kowa da inda allonsa ya tsaya, ba a kuma wanke shi sai an biya daidai, ko da yake malam ne ke yanke abin da za a karanta.

Lokaci ma abin dubawa ne. Darasin tsinke kan ci kwana biyu inda na allo ya ci ɗaya. Saboda haka ƙwararrun malamai ba sa ɗaukar hanya guda su yar da ɗayar. Ranar da za a fara aro, tsinke ke cin kaso mafi girma: kamar minti biyar na gabatarwa, goma sha biyar a rukuni, takwas a allo, bakwai na aikin kai. Washegari, da yara sun san dalilin aron, sai a juya ga misali a allo da atisaye mai yawa, a bar tsinken a hannun ’yan kaɗan ɗin da har yanzu ke rubuta 34.